Yadda Ake Duba Aikin Cike Gurbi na Nahawun Turanci Idan Amsa Ta Wuce Ɗaya

Malamin Turanci da ke koyar da aji biyu na ƙaramar sakandare a Kaduna yakan tarar cewa amsar da ya tanada wa gurbi ba ita kaɗai ce daidai ba. Saboda haka, kafin ya ɗauki jan biro, sai ya rubuta a gefen kowace tambaya abin da take gwadawa: lokacin aikatau ne, ko dacewar aikatau da mai aikatawa, ko zaɓen kalma.

A ɗauki wannan jimla: "Musa ___ to the market every Saturday." Malami ya tanadi "goes", domin ya koyar da aikin da aka saba yi. Sai ya zaro takardu kamar goma, ya karanta amsoshinsu ba tare da ya ba da maki ba, ya jera duk abin da ɗalibai suka cike gurbin da shi.

Daga nan sai ya saka kowace amsa a cikin jimlar, ya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya rubuta "walks" ko "drives" ya cancanci cikakken maki, domin ya sa harafin ƙarshe da mai aikatawa tilo yake buƙata, ma'ana kuma ba ta ɓaci ba. Wanda ya rubuta "go" ko "going" ya faɗi a kan ainihin abin da ake gwadawa, ba shi da komai. Amsar da ta fi jawo gardama ita ce "went". Jimlar ta tsaya daram, tunda ana iya ba da labarin abin da Musa ya saba yi a da. A ganina, muddin umarnin da ke saman takarda bai ƙayyade lokacin aikatau ba, hana wannan yaro maki zalunci ne, domin giɓin na tambayar ne. Idan kuwa umarnin ya ƙayyade, a soke amsar, a rubuta masa dalili a gefe. Mai kuskuren harafi kamar "gose" ya san ƙa'idar, don haka idan tambayar maki biyu ce, a ba shi ɗaya.

Bayan an tsayar da wannan jeri, a duba tambaya ɗaya a dukkan takardu kafin a wuce ta gaba, domin hukuncin farko da na ƙarshe su zo ɗaya. Idan sabuwar amsa mai kyau ta ɓullo a takarda ta 40, dole a ƙara ta a jeri, a kuma koma baya a gyara wa duk wanda aka soke masa ita. Inda malamai biyu suka raba ajin, jeri ɗaya za su yi aiki da shi, don kada ɗalibai su haɗa takardu su ga bambanci.

Tambayar da ta karɓi amsa huɗu ko biyar, a gyara ta kafin zango mai zuwa: a ba da aikatau ɗin a gaban gurbi, a kuma faɗi lokacin da ake so a sarrafa shi.