Kurakuran masu haɗa jadawalin biyan bashi da hannu

Shekara da shekaru ina duba takardun masu koyon aikin akanta, kuma duk wanda ya kawo mini jadawalin biyan bashi, kafin in kai layi na uku na riga na san inda ya faɗi. Ramukan ba su canzawa, masu faɗawa ciki ne kawai ke sauyawa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a baki, shi ya sa na zauna na rubuta. Batun hukuncin kuɗin ruwa kuwa malamai sun yi bayaninsa, ba ni da abin ƙarawa. Ni lissafi zan yi, domin wanda takarda ta zo teburinsa dole ya iya karanta ta, ko da don ya gane irin ramin da ake kiran sa ya shiga ne.

Bari mu ɗauki bashi guda mu bi shi har ƙarshe. An ba mutum naira 600,000, zai biya cikin wata 12, ruwan kashi 24 cikin ɗari a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage. Abu na farko, raba 24 gida 12, ka sami kashi 2 cikin ɗari a wata, wato 0.02. Akwai masu mantawa da wannan rabon su ɗora kashi 24 a kowane wata; waɗannan ba na ɓata musu lokaci, lambar da za ta fito ita da kanta za ta tsorata su. Abin da za a riƙa biya duk wata ana samun sa da wannan:

```
A = P × r ÷ (1 − (1 + r)^−n)
```

P uwar kuɗi ce, r ruwan wata, n yawan watanni. A kalkuleta, ninka 1.02 da kanta har sau 12, za ka ga 1.268242. Raba 1 da wannan, 0.788493. Cire shi daga 1, saura 0.211507. Sai ka raba 12,000, wato P sau r, da shi, amma ka bar dukkan lambobin a kan allon kalkuleta, kada ka sake buga waɗanda na gutsure a nan. Amsa ita ce naira 56,735.76 duk wata.

Yanzu ka ja gida biyar a takarda: bashin farkon wata, abin da aka biya, ruwa, uwar kuɗi, bashin ƙarshen wata. Tsarin cike su ba ya sauyawa. Ruwa ake fara fitarwa, abin da ya rage na biyan shi ne ya tafi uwar kuɗi. Watan farko, kashi 2 na 600,000 naira 12,000 ne. Cire shi daga 56,735.76, saura 44,735.76, wannan ne kaɗai ya taɓa bashin, ya sauko da shi zuwa 555,264.24. Wata na biyu ruwan a kan wannan sabuwar lamba yake, 11,105.28, uwar kuɗi 45,630.48, ragowa 509,633.76. Na uku, ruwa 10,192.68, uwar kuɗi 46,543.08, ragowa 463,090.68. Biyan bai motsa ba, amma cikinsa yana juyawa: ruwa na ramewa, uwar kuɗi na ƙiba.

To, ga kuskuren da ya ci mini kuɗi, kuma har yau idan na gan shi a takardar wani sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina riƙe da littafin wata ƙungiyar ma'aikata mai ba da rance, sabon hannu ne ni, ga rawar kai. An ba ni adadin biyan wata, 56,735.76, aka ce in tsara jadawali. Sai na ce ai abin mai sauƙi ne: 600,000 a raba 12, uwar kuɗi 50,000 duk wata, sauran 6,735.76 ruwa. Na ja layi goma sha biyu iri ɗaya reras, na haɗa jimilla, ta yi daidai da abin da ake tsammani. Har da ja mata jan layi biyu a ƙasa. Abin da ya sa wannan kuskure yake da mugunta ke nan: idan mai bashi ya biya har ƙarshe, ba wanda zai taɓa ganewa, domin jimilla ɗaya ce.

Mutumin bai kai ƙarshe ba. Bayan biya na shida ya sami kuɗi, ya zo da safe da leda baƙa a hannu ya ce zai sauke nauyin gaba ɗaya. Na buɗe littafina, wata shida sau 50,000, rabi ya tafi, saura 300,000. Ya ƙirga, na ƙirga, na rubuta masa rasit cewa ya gama, na buga hatimi. Har addu'a ya yi mini. Sati uku bayan nan mai binciken littafi, wani dattijo da ba ya ɗaga murya, ya ajiye fensir ya ce, "Malam, zo ka nuna mini inda 17,801 ta shiga."

Ainihin ragowar bashin bayan wata shida 317,801.41 ce. A cikin 340,414.56 da mutumin ya biya, ruwa ya cinye 58,215.97, abin da ya sauka a kan uwar kuɗi 282,198.59 ne kawai. Ni kuwa na rubuta masa 300,000. Rasit ya riga ya fita da hatimi, ba bakin komawa wurin mutum a ce ya ƙaro. Daga albashina aka cire, wata uku ana yanka.

Don haka ka ji da kyau: rabin lokaci ba rabin bashi ba ne. A farko bashin yana da nauyi, ruwansa ma haka, shi ya sa watannin farko ba su rage uwar kuɗi sosai. A bashin wata 12 giɓin bai kai dubu ashirin ba, amma a bashin gida na shekara 15 ko 20 sai mutum ya yi shekaru yana biya ya leƙa ya ga bashin kamar an kafe shi. Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada da ba na fasawa. Duk layin da na gama, sai in ninka uwar kuɗinsa da 1.02 in ga ko ya ba ni na layin gaba. 44,735.76 sau 1.02 ya ba da 45,630.48, daidai da wata na biyu. Idan suka saɓa da fiye da kwabo ɗaya ko biyu, ba na matsawa. Wasu abokan aiki sun ce ɓata lokaci ne. Su ba a taɓa yanka musu albashi ba.

A lura, akwai bashin da da gangan ake tsara shi a kan uwar kuɗi 50,000 duk wata. Wannan halastaccen tsari ne a lissafi, amma a cikinsa biyan ne ke sauka: watan farko 62,000, na biyu 61,000, haka har ƙasa. Ba zai yiwu biya ya tsaya cak, uwar kuɗi ta tsaya cak, sannan a ce ruwan a kan ragowa yake ba. Ɗaya daga cikin ukun ƙarya ne.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, sai dai shi mai karɓar bashi yake cuta. Shi ne ɗora ruwa a kan kuɗin farko kowane wata, kamar ba a taɓa biyan ko sisi ba. Mai koyo ya rubuta 12,000 a layin farko, ya ji daɗinta, ya sauke ta har layi na goma sha biyu. Ruwa ya zama 144,000, biyan wata 62,000. A lissafin ragowa kuwa ruwan shekarar duka 80,829.10 ne. Bambancin ya haura naira 63,000, a bashi ɗaya, da "kashi 2" ɗaya a baki.

Abin haushin shi ne ba kullum kuskure ba ne. Akwai masu ba da rance da haka tsarinsu yake, ruwa a kan kuɗin farko, kuma suna faɗin "kashi 2 a wata" ba tare da ƙarin bayani ba. Wanda ke biyan 62,000 sau 12 a kan 600,000, in aka auna da abin da ke hannunsa a kowane wata, kusan kashi 3.5 yake biya, wajen kashi 42 a shekara. Kai da aka ba aikin jadawali, laifinka ne idan ka fara ja layi ba ka karanta takardar yarjejeniya ba. Tambaya ɗaya ce: ruwan nan a kan me yake hawa? Ni ba na ɗaukar biro sai na ga amsar a rubuce. Haka nan idan takardar murabaha ce irin ta bankunan Musulunci, ciniki ne, an riga an yanke farashi da riba tun ranar sayarwa, kada ka kwaso wannan lissafi ka ɗora mata ka ce za ka faɗa wa mutum ragowarsa. Abin da aka sa wa hannu shi za ka bi.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata takarda. Kada ka gutsure ruwan wata: kashi 25 a raba 12 ya ba da 0.0208333, wanda ya mayar da shi 0.02 ya zubar da naira 500 tun layin farko. Kada ka zubar da kwabo a tsakiyar jadawali don kyan gani. Idan an cire kuɗin fom ko na inshora kafin a miƙa kuɗin, jadawali yana nan a kan 600,000 da aka rubuta, ko da abin da ya shiga hannu bai kai ba. Idan yarjejeniya ta ce da kwana ake ƙirga ruwa, to Fabrairu da Maris ba za su zo ɗaya ba, raba da 12 ba zai yi maka aiki ba. Wanda ya biya ƙari a wani wata, in yarjejeniya ta yarda, ƙarin uwar kuɗi yake tafiya, kuma duk layukan da ke ƙasa sun mutu, sai an sake su. Ni sabuwar takarda nake ɗauka, ba na kankare tsohuwa.

Sai layin ƙarshe, inda ake gane mai gaskiya. A misalinmu wata na 12 yana buɗewa da 55,623.27, ruwansa 1,112.47, jimilla 56,735.74. Kwabo biyu ƙasa da biyan da aka saba, saboda ɗan gutsure-gutsuren da aka yi a hanya. Daidai ne, sai a rubuta biyan ƙarshe 56,735.74, ragowa ta zama sifiri. Amma na sha ganin yaro ya iso nan da rarar dubu huɗu ko biyar, sai ya murɗe lambar ƙarshe ya cusa sifiri da ƙarfi, ya kawo mini yana murmushi. Kwabbai ne kaɗai aka yarda su yi saura. Idan nairori ne, koma sama ka bi gwajin 1.02 layi-layi, inda ya karye nan ɓarnar take. Mai kwamfuta a kusa yana iya tabbatar da biyan watan da wannan a Excel kafin ya fara ja gidaje:

```
=PMT(0.02,12,-600000)
```

In bai nuna 56,735.76 ba, tun daga r ko n aka shigar da ba daidai ba.