Kafin ka rubuta “tasiri” a kan maudu'in bincikenka

Duk shekara sai an kawo mini maudu'ai in duba, kuma duk shekara kusan rabinsu da kalma ɗaya suke farawa: tasiri. Tasirin waya kan karatun ɗalibai, tasirin rashin barci kan sakamakon jarrabawa, tasirin kaza kan kaza. In na tambayi mai shi yadda zai yi aikin, sai ya ce zai raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari. Na gaji da maimaita amsa ɗaya baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bincike iri biyu ne a nan, na siffantawa da na gwaji, kuma bambancinsu bai da wuyar faɗa. A binciken siffantawa kana kallo ne, kana ƙirgawa, kana tambaya, ba ka taɓa komai ba. Abin da kake nema shi ne yadda abu yake: mutum nawa, sau nawa, su wane ne, a wane hali. A binciken gwaji kuwa kai ne kake sa hannu. Ka ba wasu wani abu, ka hana wasu, sannan ka auna bambancin da ya fito. Na farkon zai iya gaya maka cewa abu biyu suna tafiya tare. Na biyun ne aka gina don ya nuna cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan.

To kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi yawa: a yi alkawarin gwaji a take, a kawo aikin siffantawa a ciki. Ɗauki na barci ɗin nan. Ka tambayi ɗalibai 100 awa nawa suke barci, ka duba makinsu, ka tarar masu gajeren barci sun fi samun ƙaramin maki. Me ka gano? Ka gano cewa abubuwan biyu suna haɗuwa a wuri ɗaya. Amma mai yiwuwa wanda darasi ya yi wa wuya shi ne yake kwana yana fama da littafi, wato raunin karatun ne ya hana shi barci. Mai yiwuwa kuma yana aiki da dare, aikin ya cinye masa barcin, ya cinye masa lokacin karatun. Takardar tambayoyinka ba ta da hanyar rarrabe waɗannan ukun. Ranar kare aiki kuwa wannan ce tambayar farko da za a jefo maka.

Maganin da nake bayarwa ba ya ɗaukar minti biyar. In ba kai ne za ka yanke wanda zai samu abin da wanda ba zai samu ba, cire “tasiri” ka sa kalmar da aikinka zai iya ɗauka: yawan, yanayin, ra'ayin, alaƙa tsakanin. “Alaƙa tsakanin tsawon barci da makin jarrabawa a ɗaliban shekarar farko” maudu'i ne mai kyau, kuma ba wanda zai kama ka da shi. Na san akwai malaman da ba su damu da wannan ba, suna barin “tasiri” ta wuce a kan kowane irin aiki. Ni dai ba na bari.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya ci ni, don haka a yi haƙuri in na daɗe a kansa.

Lokacin da zan yi bincikena na farko, na raina aikin siffantawa. Gani nake na malalata ne, masu raba takarda su karɓa. Na ce ni gwaji zan yi, na zaɓi duba ko ɗan gajeren gwajin aji na mako-mako yana ƙara wa yara ƙoƙari a lissafi. Na samu wata makaranta ta ba ni aji biyu, ɗaya mai yara 41, ɗaya mai 38. Ajin farko ana yi musu tambayoyi goma duk ƙarshen mako har mako shida, aji na biyu aka bar su yadda suke. Na yi musu jarrabawa kafin a fara da bayan an gama. Matsakaicin makin ajin farko ya tashi daga 48 zuwa 61, na biyu daga 47 zuwa 52. Na zana jadawali, na rubuta babi na huɗu ina jin kaina.

Da na kai wa malamar da ke duba aikina, ko jadawalin ba ta kalla ba. Ta ce, “Wa yake koyar da ajin farko?” Na faɗa mata. “Na biyun fa?” Na ce wani malamin ne daban. Ta ce, “Ta yaya aka zaɓi ajin da za a yi wa gwajin?” Na ce malamin ajin ne ya ce yana so. Sai ta ajiye biro ta ce, “To ai ka auna bambancin malami mai himma da wanda bai damu ba.”

Gaskiya ta faɗa. Malamin da ya miƙa kansa ga ƙarin aiki na mako shida ba irin wanda ya noƙe ba ne, kuma da wuya a ce himmarsa ta tsaya a kan tambayoyi goma kawai. Da na koma na bincika, sai ga wasu ɓarakar. Ajin farko da safe suke lissafi, na biyu sai darasin ƙarshe. Wasu yaran aji na biyu kuma suna karɓar tambayoyin a wajen abokansu suna yi, wato rukunin da na ce ban taɓa ba, ashe an taɓa shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da ta nuna mini cewa ba mutum 79 na raba ba, aji biyu na raba. Duk abin da ya bambanta ajin nan biyu, malami ne ko lokaci ko ɗaki, ya manne da gwajina, babu lissafin da zai ɓamɓare shi. Wata huɗu suka tafi a haka.

Abin da ya kamata in yi shi ne rabo da ƙuri'a. A rubuta sunan kowane yaro, a cakuɗa, ƙuri'a ta faɗi wanda zai shiga wane rukuni, malami ɗaya ya koyar da su duka. Amfanin ƙuri'a shi ne ba ta san mai ƙoƙari ba, ba ta san mai himma ba, don haka tana watsa waɗannan bambance-bambancen a rukunin biyu, har da waɗanda ba su taɓa zuwa maka a rai ba. Ronald Fisher ne ya kafa wannan tsarin a shekarun 1920 lokacin da yake aiki kan gwaje-gwajen gona a Rothamsted ta Ingila. Sai dai makarantar ba za ta yarda in wargaza mata azuzuwa saboda aikin ɗalibi ba, kuma tana da gaskiya. Da na yi wannan tambayar tun makon farko, da na san cewa gwajin ba ya hannuna.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo mini da maudu'in gwaji, kafin mu yi maganar babi na ɗaya sai ya amsa mini abu uku. Kai ne za ka raba mutanen, ko wani ne ya riga ya raba maka su? Akwai rukunin kwatanci da za a bari ba a taɓa ba, kuma ka tabbata abin ba zai zurara zuwa gare su ba? Mutum nawa za ka samu? A nan ne fuskoki suke sauyawa. In bambancin da kake nema matsakaici ne, lissafin da aka saba yi yana neman kusan mutum 64 a kowane rukuni, wato 128, kafin ka samu damar kashi 80 cikin ɗari ta ganin bambancin in har yana nan. Mai mutum goma sha biyar a kowane ɓangare yakan ƙare da “babu bambanci”, alhali gwajinsa ne bai da ƙarfin gani.

Kada wani ya kawo mini labarin James Lind, likitan jirgin ruwan da a 1747 ya raba matuƙa 12 gida shida, biyu-biyu, ya ga waɗanda aka ba lemo sun farfaɗo daga ciwon da ke sa dasashi zubar da jini. Ya tsira da mutum 12 ne saboda bambancin ƙato ne, ido ma yana ganinsa cikin 'yan kwanaki. Sabuwar dabarar koyarwarka ba za ta yi irin wannan aikin ba.

Akwai wani ɗan'uwan wannan kuskuren da nake gani yana ƙaruwa: a ɗauki rukuni ɗaya tak, a auna kafin, a auna bayan. Ya fi muni in aka zaɓo waɗanda suka fi faɗuwa a jarrabawar farko. Wasunsu rashin sa'ar ranar ce ta jefa su ƙasa, don haka ko ba ka yi musu komai ba, a karo na biyu matsakaicinsu zai ɗago. Sai ka ɗauki wannan ɗagowar ka rataya wa dabararka.

Kuma ku daina jin kunyar aikin siffantawa, don Allah. A 1854 likita John Snow bai ba kowa gurɓataccen ruwa ya sha ba. Ya bi gida-gida a wata unguwa ta Landan yana rubuta inda aka mutu da kwalara da inda ake ɗebo ruwa, har ƙirgen ya nuna famfon titin Broad. Abin da ke ɓata aikin siffantawa shi ne yi masa riƙon sakainar kashi. Raba takarda ga abokan ajinka da duk wanda ka ci karo da shi a hanya ba samfurin da zai wakilci sauran mutane ba ne. Ka fara da jerin sunayen mutanen da kake magana a kansu, ka zaɓo da ƙuri'a. Mutum 100 da aka zaɓo haka suna ba ka amsa mai tangarɗar kusan kashi 10 sama ko ƙasa, in kana son ta sauko zuwa kashi 5 sai ka nemi kusan 385.

Sauran ƙanana ne. Ka ƙirga makonnin da suka rage da kalanda a gabanka, ka cire hutu da lokacin jarrabawa, domin gwaji in ya lalace a mako na huɗu sai an koma farko, takardar tambayoyi kuwa ana iya gyara ta a sake rabawa. In aikin ya shafi yara ko marasa lafiya, neman izini zai iya cin makonni, kuma akwai abin da ba za a taɓa ba ka izinin gwadawa ba, kamar hana mutane barci ko magani. Kada kuma ka haɗa iri biyun a aikin farko don ka burge wani.

Ni dai a ƙarshe malamata ta sa na ajiye jadawalina, na koma na tambayi malaman lissafi sau nawa suke yin gajeren gwaji a zango, da abin da ke hana su. Mako bakwai na yi na gama. Yawancinsu sun ce lokacin duba takardu ne ba su da shi, abin da ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba sa'ad da nake ta auna aji biyu.