Yadda ake zuwa barka ba tare da an gajiyar da mai jego ba

Kafin ki fita, fara kiran mijinta ko wadda ke zaune da ita, ki ji lokacin da ya dace. Sabon jariri yana kama nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana, saboda haka barcin uwar guntu-guntu ne. Idan kina mura ko tari, ko ƙuraje sun feso miki a leɓe, ki yi barkar ta waya, ki je bayan kin warke.

Da kin shiga, ki fara da manyan da kika tarar: "Barkanmu da arziki, Mama, ashe an samu ƙaruwa." Sannan ki juya wurin mai jego. A nan mutane da yawa ke kuskure, sai su zarce kan jariri kamar daga sama ya faɗo, alhali ga wadda ta sha wuyar naƙuda a kwance. Zauna kusa da ita, ki sassauta murya: "Sannu, barka da sauka lafiya. Ya ƙarfin jiki?" Ki kuma tsaya ki ji amsar.

Bayan haka ne za ki waiwayi jariri. "Allah ya raya, ya albarkaci rayuwarsa" ta wadatar. Kada ki ɗauke shi sai an miƙo miki, kuma ki wanke hannu da sabulu tukuna. Tallafe kansa da wuyansa, domin wuyan bai yi ƙwari ba. Ban da sumbata, ko a hannu ne, tunda hannun nan baki zai kai shi.

A ce ƙanwarki ce aka yi wa aiki shekaranjiya aka ciro ɗan. Kada ki bari ta yunƙura don ta gaishe ki, ɗinkin yana ja. Ce mata, "Yi kwanciyarki, ni na zo gaishe ki." Kada ki tambayi me ya hana ta haihu da kanta, kada kuma ki kawo labarin wata da aikinta ya ɓaci. Haka nan "Mace aka kuma samu?" da "Kai, ɗan ƙarami ne!" maganganu ne da mai faɗa ke mantawa kafin ta kai ƙofa, uwar kuwa ta kwana da su.

Minti 15 zuwa 20 sun isa. Idan ta fara hamma, ko amsarta ta koma "uhm", ko jariri ya fara juya kai yana tsotsar hannu, yunwa yake ji, tashi ki ba su wuri. Ajiye abin da kika kawo ba tare da sanarwa ba, ki yi wa angon ƙarni barka a hanyar fita, ki ce wa mai jego, "Allah ya ƙara lafiya, zan sake leƙowa in kin huta."