Babin Gadoji Bakwai: Ƙirga Kafin Ka Taka

Darasi na 1: Tambayar da zanenta

Ku ɗauko takarda da fensir, da 'yan tsakuwa kamar guda goma. Kada kowa ya damu don rubutunsa bai miƙe ba. A wannan babi zobe da layi kawai za mu zana, sai ƙirge da bai wuce ashirin ba.

Akwai wani birni da a da ake kira Königsberg. Yau sunansa Kaliningrad, yana ƙasar Rasha. Kogin Pregel ya ratsa shi ya raba shi yanki huɗu: gaɓar arewa, gaɓar kudu, wani tsibiri a tsakiya mai suna Kneiphof, da wani yanki a gabas da rassan kogin biyu suka sa a tsakiya. Gadoji bakwai ne suka haɗa yankunan. Tambayar ita ce: mutum zai iya yin tattaki ya haye kowace gada sau ɗaya tak, bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma maimaita ko ɗaya ba? Ba iyo, ba kwalekwale. A shekarar 1735 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya ba da amsa, kuma da ƙirge ya samo ta, ba da yawo ba.

Mu zana birnin. Yi zobe ɗaya a tsakiyar takarda, ka rubuta T a ciki, wato tsibiri. Yi wani a sama ka rubuta A, arewa ke nan. Wani a ƙasa, K, kudu. Wani a hannun dama, G, gabas. Kowace gada layi ɗaya ce daga zobe zuwa zobe. Daga T zuwa A ja layi biyu, domin gada biyu ce a wurin. Daga T zuwa K ma layi biyu. Daga T zuwa G layi ɗaya. Daga G zuwa A ɗaya. Daga G zuwa K ɗaya. Ƙirga layukanka. In sun kai bakwai, madalla. In shida ka samu, duba inda muka ce layi biyu, galibi nan ake mantuwa.

Tsawon layi ba ruwanmu da shi. Ya karkace ko ya miƙe duk ɗaya ne. Abin da muke so kawai shi ne daga ina ya taso, ina ya sauka.

Darasi na 2: Cika da mara

Lamba ana ce mata cika idan ta rabu bibbiyu ba saura, kamar 2, 4, 6. Ana ce mata mara idan an raba ta bibbiyu ɗaya ya rage ba abokin tafiya, kamar 1, 3, 5. Ɗauki tsakuwa biyar, ware biyu, ware biyu. Saura ɗaya a hannunka ko? To biyar mara ce. Ɗauki huɗu ka yi haka, hannunka zai zama wayam. Huɗu cika ce.

Yanzu mun zo wurin da aka fi yin tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Ba jimlar gadojin birni za mu duba ba. Zobe ɗaya za mu ɗauka, mu ƙirga layukan da suka taɓa shi, shi kaɗai. Sannan mu koma zobe na gaba mu fara ƙirge daga ɗaya.

Ɗora yatsanka a kan T. Duk layin da ya taɓa T, aza masa tsakuwa a bakinsa. Biyu masu zuwa A, biyu masu zuwa K, ɗaya mai zuwa G. Tsakuwa biyar. Rubuta 5 kusa da T. Kwashe tsakuwarka duka.

Koma kan A. Layukan nan biyu da suka taso daga T, za ka sake ƙirga su? E, za ka sake. Na san zuciya tana cewa ai an riga an ƙirga su. Amma gada baki biyu gare ta, ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan. Ɗazu bakin da ke T muka ƙirga, yanzu bakin da ke A ne. Biyu daga T, ɗaya daga G, uku ke nan. Rubuta 3.

Akwai wani dattijo da na taɓa koyarwa, mai tsanaki ƙwarai. Duk layin da ya ƙirga sai ya soke shi da fensir don kada ya maimaita. Da ya iso zobe na ƙarshe sai ya tarar ba layi ko ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan yanki ba shi da gada." Dabararsa mai kyau ce a wani ƙirgen, a nan ne kawai ba ta aiki. Kada ku soke layi. Kowane layi sau biyu ake ƙirga shi, sau ɗaya a kowane baki.

Mu ci gaba. K: biyu daga T, ɗaya daga G. Uku. G: ɗaya daga T, ɗaya daga A, ɗaya daga K. Uku. Ga abin da ya kamata a gani a takardarku: T 5, A 3, K 3, G 3.

Ga yadda za ka gane ko ka yi daidai ba sai malam ya duba ba. Tara lambobin: 5 da 3 da 3 da 3 sun ba da 14. Gadoji bakwai ne, kowace baki biyu, 14 ke nan. Jimlar dole ta zama ninkin gadoji biyu. In ta ba ka 7, layi ka riƙa sokewa. In ta ba ka 13, ka tsallake baki ɗaya. Ba laifi, goge ka sake. Zobe ɗaya, layukan da suka taɓa shi, rubuta, kwashe tsakuwa, zobe na gaba.

Darasi na 3: Me ya sa wannan ƙirge yake ba da amsa?

Ka ɗauka kana cikin tafiya ka iso wani yanki da ba nan za ka tsaya ba. Ka shigo ta gada ɗaya. Dole ka fita ta wata daban, tunda an hana maimaitawa. Gada biyu sun tafi. In ka sake dawowa yankin, shiga ɗaya, fita ɗaya, wasu biyun sun tafi. Ashe duk yankin da ake ratsawa a wuce, gadojinsa bibbiyu suke ƙarewa. Dole ya zama cika.

To yanki mai gada uku fa? Ka shiga, ka fita, ka sake shiga ta ukun. Ta ina za ka fita? Babu. Nan tafiyarka ta ƙare. Ko kuma a ce daga nan ka faro: ka fita, ka dawo, ka fita, ba ka sake komowa. Saboda haka yanki mara ko dai mafarin tafiya ne ko ƙarshenta. Tafiya kuwa mafari ɗaya gare ta da ƙarshe ɗaya. Yankuna mara biyu kaɗai za ta iya ɗauka.

Dubi takardarka. T mara, A mara, K mara, G mara. Huɗu ne, gurbi kuwa biyu. Tafiyar ba za ta yiwu ba, ko daga ina aka fara. Amsar Euler ke nan.

Ga dokar gaba ɗaya. In ba yanki mara ko ɗaya, tafiya za ta yiwu daga ko'ina, kuma inda ka fara nan za ka dawo. In mara biyu ne, za ta yiwu, amma sai ka fara daga ɗayansu ka ƙare a ɗayan. In sun wuce biyu, ba za ta yiwu ba.

Kullum sai wani ya kawo mini takarda ya ce gadoji bakwai ne, bakwai mara ce, shi ya sa ba za ta yiwu ba. Haba jama'a! Sau nawa za mu faɗa? Jimlar gadoji ba ita ake dubawa ba. Zana zobe biyu ka haɗa su da layi bakwai, ka bi su da yatsa: je ka, dawo, je ka, har bakwai ɗin su ƙare. Ga gada bakwai, ga tafiya ta yiwu. Zobe-zobe ake ƙirgawa. Wanda kuma ya zo mini da mara ɗaya ko mara uku, tun kafin in duba na san kuskure ne. Yankuna mara ba sa zuwa sai bibbiyu, domin jimlarsu duka cika ce. Ya koma ya sake ƙirge.

Darasi na 4: Mu ƙara gada ɗaya

Ja sabon layi daga A zuwa K, ka zagaya da shi ta hagu. Gadoji sun zama takwas. Sake ƙirge, kuma ka tuna sabon layin ma baki biyu gare shi. T 5, A 4, K 4, G 3. Jimla 16, ninkin takwas biyu. Mara biyu ne, T da G. Za ta yiwu.

Ɗora yatsa a T ka bi ni: T zuwa A, dawo T ta ɗaya layin, T zuwa K, dawo T ta ɗaya layin, T zuwa G, G zuwa A, A zuwa K ta sabuwar gada, K zuwa G. Takwas cif, ka ƙare a G.

Amma ko ka fara daga wurin da ya dace kana iya maƙalewa in ka yi gaggawa. Gwada T zuwa G, G zuwa A, A zuwa K, K zuwa G. Gadojin G uku sun ƙare, ga huɗu ba ka taka ba. Ba dokar ce ta yi ƙarya ba. Huɗun da suka rage zagaye ne da ke tashi daga T ya komo T, sai ka cusa shi a farkon tafiyar kafin ka nufi G. Wannan dabara ta cusa zagaye tana cikin aikin wani masanin lissafi, Carl Hierholzer, da aka buga a 1873, wanda ya tabbatar cewa in ƙirge ya yi daidai lallai akwai hanya.

Darasi na 5: Sharaɗi

Dole duk gadojin su kasance a haɗe, ana iya zuwa kowace daga kowace. In zanenka ya rabu gida biyu ba layi a tsakani, ko duk cika ne ba tafiya.

Darasi na 6: Aikin gida

A kan zanen gada takwas, ƙara layi na biyu daga T zuwa G. Ƙirga kowane zobe, tara jimla ka gwada ta da 18. Rubuta mara nawa ka samu da inda tafiyar za ta ƙare in an fara daga K. A zo da tsakuwa.