Yadda ake rubuta imel na ta'aziyya ga ma'aikaci

A ce mahaifiyar direban kamfani ce ta rasu da asuba.

Da farko a tabbatar da labarin daga gare shi ko danginsa: wa ya rasu, kuma mene ne addinin gidan. Kiran mahaifiya da "matarka" kuskure ne da ba ya gyaruwa.

Sai a aika a ranar. Musulmi kan yi jana'iza cikin sa'o'i, zaman makoki kuma galibi kwana 3 ne, don haka saƙon da ya kwana 7 ya makara.

A layin take a sa "Ta'aziyya" kawai. A buɗe da sallama da "Malam" kafin sunansa, sannan:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun samu labarin rasuwar Hajiya mahaifiyarka. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya ba ku haƙurin rashi."

In gidan Kirista ne, a cire addu'ar farko, a ce Allah Ya ta'azantar da su.

Daga nan a faɗi abin da kamfani ya yi: kwana nawa aka ba shi hutu, wa zai riƙe motarsa. Nan ne ofisoshi kan ɓata rawarsu da tsalle, su tambayi makulli ko takardar shaidar mutuwa. A bari sai ya dawo.

Shugaban sashensa ya sa nasa sunan a ƙasa, a rubuta cewa ba sai direban ya amsa ba. Sannan wakilai su tafi gidan gaisuwa.