Tocila mai caji da ba ta riƙe wuta

Da farko, sauya igiyar caji da wadda ka tabbatar tana aiki, don sau da yawa ita ce ta tsinke daga ciki. Sai ka leƙa ramin caji, ka fitar da ƙura da tsinken sakace, amma ban da allura.

In batirin mai cirewa ne, duba bakinsa da ƙarfen da yake taɓawa. Tsatsa ko wani farin gari yakan tare wuta, goge shi da busasshen ƙyalle.

Yanzu auna batirin da mita mai auna ƙarfin wuta. Irin batirin da ake kira 18650 in ya cika yakan kai bolt 4.2. In ya cika amma tocilar ta dushe cikin mintuna kaɗan, ya gaji, sayi sabo irinsa. Wanda ya kumbura ko yake zafi sosai, don Allah kada ka sake jona shi.