Alamar kore ba ta ce layi yana tafiya ba

Na gaji da jin "ai aikin ya yi nasara" daga bakin sababbin ma'aikata. Manhajar ta tashi, ta gama, ta fita da `exit 0`. Iyakar abin da ta shaida shi ne ba ta faɗi ba. Ko ta cinye aikin da ke jiranta, wannan wata magana ce daban.

Ni ma na sha wannan ɗacin a wani kamfani nan Kaduna mai tura wa 'yan kasuwa saƙon rasit. Duk minti 5 manhajar tana kwasar saƙo 200. Gab da sallah ciniki ya buɗe, 230 suka riƙa shigowa a wannan tsakanin. Ragowar 30 a kowane zagaye kamar ba komai, amma 360 ke nan a awa, 3,600 a awa goma na kasuwa. Wanda ya biya da yamma sai ya jira awa ɗaya da rabi. Cikin dare layin ya zube, da safe mu tarar da komai fes. Kwana uku allonmu kore shar, sai da wani Alhaji daga Kasuwar Barci ya kira yana faɗa muka farga.

Masu ɗan wayo sukan ƙara ƙirga tsawon layi su tsaya nan. Bai isa ba. Layi na iya zama 40 kullum, alhali guda ɗaya a ciki, mai gurɓatacciyar lambar waya, ya kwana huɗu ana tsallake shi. Daɗewar mafi tsufa ce kaɗai ke tona wannan. Ni biyun nake dubawa tare, kowane minti:

```sql
SELECT count(*), now() - min(created_at)
FROM jobs WHERE status <> 'done';
```

A Amazon SQS kuwa, tsarin layin saƙonni na Amazon, akwai `ApproximateAgeOfOldestMessage` a shirye.

Don Allah ku lura, `created_at` na rubuta. Sau nawa zan ga an sa `updated_at`? Duk lokacin da aka sake gwada saƙon sai agogonsa ya koma sifili, tsoho ya zama jariri, ƙararrawa ta yi shiru. Haka mai ƙirga `pending` kaɗai: saƙon da aka ɗauka, wuta ta ɗauke, ya maƙale a `processing`, ba zai taɓa ganinsa ba.

Iyakar ƙararrawa daga alkawarin da aka yi wa kwastoma nake ɗaukarta. In an ce rasit cikin minti 15, a minti 10 wayata take ƙara. Wasu za su ce na cika gaggawa; na yarda.

Kada manhajar da ke cin layin ta zama ita ce mai awon, don in ta mutu awon ya bi ta. Kuma layin da babu kowa `NULL` yake bayarwa, a mayar da shi sifili, amma a duba ko sababbin saƙonni na shigowa ma tukuna.